Garaɓasar ƙarshen shekara: me ya sa haraji ke yi mata babban yanka?

A wuraren aikin da ake biyan garaɓasar ƙarshen shekara, lissafi yakan riga kuɗin isowa. Tun a watan Nuwamba ma'aikaci ya gama kasafta su a ransa: kuɗin makarantar yara na zango na biyu, cikon kuɗin haya, buhun masara tun kaka ba ta wuce ba. An ce masa za a ba shi albashin wata guda a kan albashinsa, shi kuwa ya san abin da ake cire masa duk wata, don haka sai ya ninka komai sau biyu ya zauna jiran alat. Ranar da alat ya shigo sai ya tarar kuɗin ba su kai ba. Ya duba takardar albashi, ya ga layin da aka rubuta PAYE ya kusa ninka na kullum sau uku. Daga nan zargi yake farawa. Wani ya ce akanta ne ya yi aringizo, wani ya ce gwamnati ce ta ƙirƙiro harajin garaɓasa ba tare da ta sanar da kowa ba.

A Nijeriya babu wani haraji na daban da aka ware wa garaɓasa. Ko an kira ta albashin wata na 13, ko ladan ƙwazo, ko goron ƙarshen shekara, doka tana kallonta a matsayin kuɗin da mutum ya samu daga aikinsa, daidai da albashi da alawus-alawus. Dokar ƙwadago ba ta tilasta wa kowa biyanta ba. Bankuna da kamfanoni da dama suna biya ne bisa yarjejeniyar aiki ko bisa ganin dama, haka ma wasu gwamnatocin jihohi, irin su Oyo da Zamfara, sun biya ma'aikatansu a 'yan shekarun nan. Amma da zarar an biya, harajin da ke hawa kan albashi shi ne yake hawa kanta, da ma'auni iri ɗaya. Duk da haka idon ma'aikaci bai yi ƙarya ba, kason da ake cirewa daga garaɓasa ya fi wanda ya saba gani. Dalilin yana cikin yadda ake lissafa harajin tun asali.

Haraji na shekara ne, ba na wata ba

Abu na farko da ke ɓace wa mutane shi ne cewa harajin albashi ba a kan kuɗin wata ake lissafa shi ba. Ana lissafa shi ne a kan abin da mutum ya samu daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Abin da ake cirewa duk wata wani yanki ne na wannan haraji na shekara, wanda ma'aikata ko kamfani ke cirewa tun kafin albashi ya shiga asusu, ya miƙa wa hukumar haraji zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Wannan tsari shi ne PAYE ɗin da ake gani a takardar albashi. Kuɗin kuma na jihar da ma'aikaci yake zaune ne: mazaunin Kano nasa na zuwa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar, wadda aka fi sani da KIRS, na Kaduna na zuwa KADIRS, mazaunin Abuja kuma hukumar harajin babban birnin tarayya. 'Yan sanda da jami'an ma'aikatar harkokin waje ne nasu yake tafiya ga hukumar tarayya.

Abu na biyu, kuɗin shekarar ba kaso ɗaya ake ɗora musu gaba ɗaya ba, hawa-hawa ne. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta jera hawan kamar haka. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu ko kwabo. Naira miliyan 2.2 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, ana karɓar kashi 15 cikin 100. Daga nan zuwa miliyan 12 kashi 18 ne, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25.

A ɗauka randuna ne aka jera ana zuba musu ruwa bi da bi. Ba a zuba wa ta biyu sai ta farko ta cika, ba a taɓa ta uku sai ta biyu ta cika. Ruwan randar farko kyauta ne, na ta biyu da kuɗinsa, na ta uku ya fi shi tsada. Albashin watanni 12 ya riga ya cika randar kyauta, ya kuma yi nisa a ta biyu. Garaɓasar Disamba idan ta zo ba ta da wurin zuwa sai randar da aka tsaya a kanta, ko ta gaba da ita. Ba za ta samu ko ɗigo a randar kyauta ba.

Kafin a fara zubawar ma akwai abubuwan da doka ta yarda a ware daga kuɗin shekara ba tare da an ɗora musu haraji ba: gudummawar fansho, ta asusun gidaje na ƙasa, ta inshorar lafiya, kuɗin inshorar rai, ruwan bashin da mutum ya ci don gina gidan da yake zaune a ciki, da kuma rangwamen haya, wanda shi ne kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Su ma waɗannan albashi ya riga ya cinye su. Samun garaɓasa ba ya ƙara kuɗin hayar da ka biya, don haka ba ya ƙara rangwamen.

Mu bi takardar mutum ɗaya

Mu ƙaddara wani ma'aikacin kamfani a Kano da albashinsa kafin a cire komai yake naira 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara. A cikin wannan albashi, tushen albashi da alawus na gida da na sufuri sun tashi naira 200,000, kuma a kansu ake cire masa kashi 8 cikin 100 na fansho, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Naira 16,000 ke nan a wata, 192,000 a shekara. Yana zaune a gidan haya na naira 400,000, ya kuma kai wa ofishin kuɗi rasit, don haka yana da rangwamen naira 80,000. Don lissafin ya yi sauƙi, a bar shi a waɗannan biyun.

Idan aka cire 192,000 da 80,000 daga miliyan 3, saura naira 2,728,000. Wannan shi ne kuɗin da haraji zai duba. Naira 800,000 na farko sun wuce kyauta. Ragowar 1,928,000 duka suna hawa na biyu, kashi 15 cikin 100 nasu kuwa naira 289,200 ne. Aka raba gida 12, sai ya zama naira 24,100 duk wata. Wannan adadi shi mutumin ya saba gani daga Janairu har Nuwamba.

Idan ya auna 24,100 da albashinsa na 250,000, zai ga bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A ransa harajinsa ke nan, ƙasa da kashi 10. Amma babu irin wannan kaso a cikin doka. Gauraye ne na abu biyu: a kowane wata kusan naira 89,300 na albashinsa ba a taɓa su, sauran kusan 160,700 kuma ana cire musu kashi 15. Idan aka cuɗa wanda ba a taɓa ba da wanda aka yanka, sai a samu kaso mai sauƙi. Kason da yake biya a kan duk wata sabuwar naira da ta ƙaru masa kuwa 15 ne, kuma haka yake tun farkon shekara, bai dai taɓa lura ba.

To, ga Disamba ta zo, kamfani ya ba shi garaɓasar naira 250,000. Kuɗin da haraji zai duba ya tashi daga 2,728,000 zuwa 2,978,000. Bai kai miliyan 3 ba, saboda haka garaɓasar duka tana hawa na biyu. Kashi 15 nata naira 37,500 ne. A haɗa da 24,100 na albashin watan, layin haraji a takardar Disamba zai nuna naira 61,600. Shi kuwa abin da ya sa rai 48,200 ne, ninki biyu na abin da ya saba. Bambancin naira 13,400 shi ne abin da yake ganin an zalunce shi a kai, alhali ba a ƙara masa kaso ba, ba a kuma taɓa albashinsa ba. Garaɓasar ce kawai ba ta da rabo a cikin sassaucin da albashi yake samu.

Yadda ake rubuta takardar ma yana ƙara wa abin kwarjini. Kamfanoni da yawa suna haɗa albashi da garaɓasa su biya rana ɗaya, harajin biyun ya fito a layi ɗaya. Mutumin da ya shekara yana ganin 24,100 ya wayi gari da 61,600, dole gabansa ya faɗi. Da an raba layin gida biyu, da rabin ƙorafin bai taso ba. A ganina wannan sakaci ne na ofisoshin kuɗi, domin ƙarin layi ɗaya ba ya cin ko sisi.

Akwai kuma wani ɓangare da mai ƙorafi ba ya kawowa. Daga albashinsa na wata, bayan an cire fansho da haraji, naira 209,900 yake karɓa. Daga garaɓasar kuwa, idan haraji kaɗai aka cire, naira 212,500 zai karɓa. Wato abin da ya shiga aljihunsa daga garaɓasa ya ɗara na albashi da kaɗan, saboda galibi ba a cire fansho daga garaɓasa. Dokar fansho ta ce a lissafa gudummawar a kan abin da yarjejeniyar aiki ta kira albashin wata, matuƙar bai gaza tushen albashi da alawus na gida da na sufuri ba. Idan ka ga an cire maka fansho daga garaɓasa, ba lallai a ce kuskure ne ba, amma ka koma ga takardar ɗaukarka aiki ka ga ko ta faɗi haka.

Tsoron tsallaka hawa

Wata magana da ta daɗe tana yawo a ofisoshi ita ce wai garaɓasa mai yawa tana iya jefa mutum a hawa na sama, a ƙara wa albashinsa duka haraji, har ya gwammace ba a ba shi ba. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma takardar mutumin namu ta isa shaida.

A ce garaɓasar tasa naira 400,000 ce. Tsakanin inda albashinsa ya tsaya, 2,728,000, da iyakar hawa na biyu, miliyan 3, akwai sararin naira 272,000. Wannan yanki na garaɓasar za a cire masa kashi 15, naira 40,800. Ragowar 128,000 ne kaɗai suka tsallaka hawa na uku, su za a cire wa kashi 18, naira 23,040. Jimilla 63,840, ya tafi gida da 336,160. Harajin albashinsa na watanni 12 yana nan yadda yake. Abin da tsallakawar ta jawo masa duka-duka shi ne ƙarin kashi 3 a kan 128,000, wato naira 3,840. Babu yadda za a yi ƙarin kuɗi ya bar mutum da ƙasa da abin da yake da shi kafin ƙarin, tunda ko a hawa na ƙoli naira 75 cikin kowace 100 tasa ce.

Wanda abin ya fi girgizawa shi ne ƙaramin ma'aikaci. Doka ta yafe haraji ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Akwai kuma wanda ya ɗan haura haka, amma bayan an ware fansho da sauransu abin da ya rage masa a shekara bai kai 800,000 ba, a ce 780,000. Shi wannan bai taɓa ganin an cire masa haraji ba. Idan aka ba shi garaɓasar 70,000, jimillar ta zama 850,000, ta haura iyakar kyauta da 50,000, sai a cire masa naira 7,500. Ga wanda bai san haraji a takardarsa ba, wannan kamar daga sama ne. Lissafin dai daidai yake, kuma a Janairu zai koma yadda yake a da.

Waɗanda suka saba da tsohuwar doka su lura da wani canji. Har zuwa ƙarshen 2025 ana aiki da hawa shida, daga kashi 7 zuwa 24, tare da wani dunƙulallen rangwame na naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 na kuɗin da mutum ya samu. Wannan kashi 20 yana bin kowace naira, har da ta garaɓasa, don haka kashi 80 na garaɓasar kawai ake yi wa haraji. Sabuwar doka ta soke wannan rangwame, ta kawo hawan kyauta na 800,000 da rangwamen haya. Mutumin namu ya ci riba: a tsohon tsari yana hawan kashi 21, da naira 42,000 za a cire daga garaɓasarsa ta 250,000, yanzu kuwa 37,500 ne. Manyan ma'aikata masu miliyoyi da yawa a shekara su ne abin ya juya wa baya, domin a da abin da ke fita daga garaɓasarsu bai wuce kusan kashi 19 ba, yanzu wanda ya haura miliyan 50 a shekara zai ba da kashi 25 cur. Disambar 2026 ce ta farko a ƙarƙashin wannan tsari, saboda haka auna ta da takardar bara ba zai nuna wa kowa gaskiya ba.

Inda ake cire fiye da ƙima

Duk wannan ba ya nufin ofishin kuɗi ba ya kuskure. Yana yi, kuma kuskuren da ya fi yawa a watan garaɓasa guda ɗaya ne.

Hanyar da aka saba lissafa harajin wata ita ce a ɗauki albashin watan a ninka shi sau 12, a fitar da harajin shekara, a raba gida 12. Muddin albashi bai canja ba, wannan hanya ba ta da aibi. Amma idan aka zuba garaɓasa a cikin albashin Disamba ba tare da an nuna wa manhajar cewa biya ne na sau ɗaya ba, sai ta ɗauka mutumin namu mai albashin naira 500,000 ne duk wata. Ta ninka, ta samu miliyan 6. Ta cire fansho da rangwamen haya, saura 5,728,000. A wannan lissafi kusan rabin kuɗin sun faɗa hawan kashi 18, harajin shekara ya zama 821,040, na wata kuma 68,420. Abin da ya kamata a cire 61,600 ne. An cire masa rarar naira 6,820 a kan miliyoyin da bai taɓa samu ba.

Hanyar da ta dace ita ce a lissafa harajin shekara sau biyu, sau ɗaya da garaɓasa, sau ɗaya babu ita. Bambancin da ke tsakani shi ne harajin garaɓasar. Ga mutumin namu, da garaɓasa 326,700 ne, babu ita 289,200, bambanci 37,500. Kowa zai iya yin wannan da na'urar lissafin da ke wayarsa, in dai yana da takardar albashin Nuwamba da ta Disamba.

Akwai ma gajeriyar hanya. Ka cire harajin Nuwamba daga na Disamba, abin da ya rage ka raba shi da garaɓasar. A takardar da aka yi daidai, 61,600 a cire 24,100 saura 37,500, a raba da 250,000, ya ba da kashi 15 cif, wanda hawa ne da ke cikin doka kuma shi ne hawan mutumin. A takardar da aka yi kuskure za a samu kusan kashi 17.7. Mutumin da kuɗinsa na shekara, har da garaɓasa, bai kai miliyan 3 ba bayan an ware abin warewa, babu dalilin da zai sa ko naira ɗaya tasa ta wuce kashi 15. Ƙa'idar ke nan: amsar da ka samu kada ta haura kason hawa mafi tsawo da kuɗinka na shekara suka taɓa. In ta haura, akwai magana.

Sai dai kafin ka ɗaga murya, ka duba wasu abubuwa biyu da kan sa amsar ta haura ba tare da an yi kuskure ba. Na farko, Disamba wata ne na daidaita lissafi. Idan an yi maka ƙarin girma a tsakiyar shekara, ko an biya ka ariyas, ko alawus na hutu, kuma ba a cire cikakken haraji a lokacin ba, akanta mai lura zai cike giɓin a albashin ƙarshe, domin kamfani zai miƙa wa hukumar haraji bayanin kowane ma'aikaci na shekara zuwa 31 ga Janairu, kuma duk abin da ya gaza cirewa shi za a bi. Na biyu, ba duk abin da aka cire ne haraji ba. Bashin da ka ci a ofis, kayan da ka ɗauka a ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, kuɗin ƙungiyar ƙwadago, sau da yawa a watan garaɓasa ake tattara su. Wanda ya tsaya a kan alat kawai zai jibga wa haraji laifin shinkafar da ya karɓa bashi tun azumi.

Idan ka tabbatar rara ce, ofishin kuɗi za ka fara zuwa, da takardunka biyu da lissafinka a rubuce. Ba sai an yi faɗa ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, garaɓasar nan a matsayin biya na sau ɗaya aka shigar da ita, ko an haɗa ta da albashi an ninka sau 12?" Akantan da ya san aikinsa zai gane inda ka dosa nan take. Lokaci yana da muhimmanci a nan. Kafin 10 ga Janairu kuɗin suna iya kasancewa a hannun kamfani, gyara kuwa a lokacin abu ne mai sauƙi. Da zarar an miƙa su ga hukuma, sai dai a nemi a dawo da su ko a lissafa maka su a harajin gaba. Doka ta ba ka wannan haƙƙi, kuma bayanin kuɗin shiga da kowane mutum ya kamata ya miƙa zuwa 31 ga Maris shi ne wurin da za ka nuna an cire fiye da ƙima. Amma duk wanda ya taɓa bin kuɗinsa a ofishin gwamnati ya san shigarsu ta fi fitarsu sauri. Sababbin dokokin sun kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji, ga kuma kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sai dai ba na jin akwai mai zuwa can a kan naira 6,820.

Dabarun da ake ba mutane

A duk Disamba ba a rasa masu ba da shawarar yadda za a kauce wa yankan. Wani zai ce a rubuta garaɓasar a matsayin kyauta. Canja suna ba ya canja komai: abin da mai aiki ya ba ma'aikacinsa saboda aikin da yake yi masa kuɗin aiki ne. Abin da ba a yi wa haraji shi ne mayar wa ma'aikaci kuɗin da ya kashe a kan aikin ofis, kamar kuɗin mota da masauki na tafiyar da aka aike shi. Ƙirƙirar rasit na tafiyar da ba a yi ba don a ɓoye garaɓasa kuwa zamba ce, kuma ranar da masu binciken haraji suka zo, kamfanin zai biya kuɗin da tara a kai.

Wani kuma zai ce a jinkirta biya zuwa Janairu. Gaskiya ne cewa ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce garaɓasa kuɗin ranar da aka biya ta ce, don haka wadda aka biya a Janairu ta shiga lissafin sabuwar shekara. Amma a sabuwar shekarar ma albashin watanni 12 zai cika hawan kyauta, garaɓasar ta sake hawa samansa. Mutumin namu 37,500 ɗin dai zai biya. Jinkiri yana da amfani ne kawai ga wanda ya san kuɗinsa na baɗi za su ragu sosai, kamar mai shirin ritaya. Rarraba garaɓasar a kan watanni 12 ma ba ya rage ko kwabo, yana dai ɓoye yankan ne kada a gan shi a dunƙule.

Abin da yake rage haraji da gaske shi ne karɓar rangwamen da doka ta riga ta ba ka. Rangwamen haya ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana hayar da ka biya ka kawo shaida. Da mutumin namu bai kai rasit ba, da ya yi asarar naira 12,000 a harajin albashinsa. Ba nan kaɗai ba, albashin nasa zai tsaya a 2,808,000, sararin da ya rage a hawa na biyu ya koma 192,000, sai naira 58,000 na garaɓasarsa su tsallaka hawan kashi 18, harajinta ya zama 39,240. Mutanenmu da yawa suna biyan haya hannu da hannu ga mai gida ko dillali, bisa amana, babu takarda. Amanar tana da kyau, amma hukumar haraji ba ta karɓarta a madadin rasit. Wanda kuma ba ya buƙatar kuɗin a yanzu yana iya zuba wani abu a asusun fanshonsa a matsayin gudummawar sa-kai ta hannun ofishinsa, sai dai akwai haraji idan ya cire kafin shekara 5.

Saura magana ɗaya, ga ma'aikaci da mai aiki duka. Idan shugaban wurin aiki ya tsaya gaban ma'aikata ya ce kowa zai samu naira 200,000, a tambaye shi tun a wurin: kafin haraji ne ko a hannu? Idan kafin haraji ne, mai hawan kashi 15 zai karɓi 170,000. Idan a hannu ake nufi, sai kamfani ya rubuta garaɓasar a naira 235,294, a cire 35,294, ma'aikaci ya tafi da 200,000 cif. Duk biyun halal ne a doka, amma tsakaninsu akwai naira 30,000 a aljihun ma'aikaci. Don haka kafin ka yi wa mai gidan haya ko makarantar yara alkawari a kan garaɓasa, ka ɗauko takardar albashinka ta Nuwamba, ka gano hawan da kake, ka cire wannan kaso daga abin da aka ce za a ba ka, sannan ka yi alkawari da abin da ya rage.